Ƙara da Ɗaukewar Murya a Makirufon Maƙalawa Mara Waya: Tasha, Batir da Nisa

Makirufon maƙalawa mara waya, wato ƙaramin makirufon nan da ake maƙala wa mai magana a wuyan riga, kayan aiki ne mai sassa uku waɗanda dole su yi aiki tare kafin murya ta isa inda ake so. Akwai kan makirufon da ke ɗaukar muryar, akwai na'urar aikawa wadda mai magana ke sawa a aljihu ko a ƙugu, ita ce ke ɗora muryar a kan igiyar rediyo, sannan akwai na'urar karɓa da ke haɗe da kyamara ko wayar salula ko injin haɗa sauti, wadda ke sauko da muryar daga igiyar. Idan aka ji ƙas-ƙas a cikin sauti, ko murya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, yawancin masu ɗaukar biki da wa'azi da hira sukan fara zargin kan makirufon, alhali a mafi yawan lokuta matsalar tana tsakanin na'urar aikawa da ta karɓa. Abubuwa uku ne ke riƙe da wannan tsakanin: tashar da na'urorin suke kai, ƙarfin batir, da nisan da ke tsakaninsu tare da abin da ya gitta a hanyar. Kowanne yana da irin alamarsa, don haka wanda ya saurari yadda ƙarar take fita, ya kuma dubi abin da fuskar na'urar karɓa ke nunawa a daidai lokacin, yakan gane tushen matsalar tun kafin ya taɓa komai.

Kafin a shiga binciken, wajibi ne a san irin na'urar da ke hannu, domin iri biyu ne suka cika kasuwa kuma yadda suke nuna gazawa ya bambanta. Iri na farko yana aiki a zangon da ake kira UHF, galibi tsakanin megahaz 470 da 694, wanda shi ne zangon da gidajen talabijin ke watsa shirye-shiryensu a kansa, kuma da yawa daga cikin na'urorinsa, irin su jerin Sennheiser EW 100, suna aika murya kamar yadda gidan rediyon FM ke yi. A irin wannan, idan sigina ta fara rauni, sai a ji wani shuu yana tasowa a bayan murya, yana ƙaruwa a hankali kafin sautin ya yanke. Iri na biyu yana aiki a zangon gigahaz 2.4, kamar Rode Wireless GO da ya fito a 2019 da DJI Mic da makamantansu, kuma yana mayar da murya lambobi kafin ya aika ta. Shi wannan ba ya yin gargaɗi da shuu, domin muddin lambobin suna isa, murya tana fita tangaram, da zarar sun daina isa kuwa sai a ji ta tsattsinke ko ta ɓace ɗungurungum. Saboda haka shuu mai hawa da sauka da yankewa kwatsam suna iya zama alamar cuta ɗaya a na'urori biyu mabambanta.

A fuskar yawancin na'urorin karɓa na UHF akwai ma'auni biyu, kuma a kansu dukkan binciken ya rataya. Wanda aka rubuta wa RF yana nuna ƙarfin igiyar rediyon da ke isowa, wanda aka rubuta wa AF kuma yana nuna ƙarfin muryar da ke kan igiyar. Idan ƙarar ta zo ma'aunin RF ya faɗi a lokacin, to matsalar ta hanyar rediyo ce, wato nisa ko shamaki ko batir. Idan RF yana cike bai motsa ba amma AF ya yi tsalle tare da ƙarar, to daga ɓangaren murya abin ya fito: kebul ɗin makirufo da ya karye daga ciki a gindin filogi, ko filogin da bai zauna daram ba, ko riga da ke goga kan makirufon, ko an ɗaga ƙarfin shigar sauti har murya tana fashewa idan mai magana ya ɗaga ta. Wannan rarrabewa tana ɗaukar ƙasa da minti ɗaya, kuma tana hana mutum ɓata lokaci yana sauya tasha alhali kebul ne ya lalace. Hanyar tabbatarwa ita ce a ajiye na'urorin biyu kamar taku biyar tsakaninsu, a sa abin sauraro a kunne, a riƙa lanƙwasa kebul ɗin a hankali daga kan makirufo zuwa filogi, inda duk ƙarar ta fito nan ne karayar take.

Binciken tasha

Tasha a nan tana nufin takamaimiyar lambar megahaz da na'urar aikawa ke watsawa a kai, wadda dole na'urar karɓa ta kasance a kanta daidai. Kuskure mafi sauƙi shi ne lambobin biyu su saɓa, musamman idan an haɗa kaya daga saiti biyu, domin abin da wani kamfani ya kira tasha ta uku ba shi ne tasha ta uku a wani kamfanin ba, har ma a kamfani ɗaya lambar tana iya bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Abin dogaro shi ne lambar megahaz ɗin kanta, a karanta ta a fuskar na'urorin biyu har zuwa lambobi uku na bayan ɗigo. Idan saɓanin kaɗan ne, murya tana iya shigowa amma a shaƙe, da ƙara, kuma ba ta kai ko'ina ba take yankewa. Na'urori da dama suna da maɓallin Sync, wanda ke tura lambar daga na'urar karɓa zuwa ta aikawa ta wata 'yar taga mai hasken da ido ba ya gani, kuma sai an kusanto da tagogin biyu suna kallon juna kafin turawar ta yiwu.

Abin da ya fi wannan wahalar ganewa shi ne a ce lambobin sun dace amma tashar tana da mai ita. A Afirka da Turai kowace tashar talabijin ta UHF tana cin faɗin megahaz 8, ta 21 tana farawa daga 470 zuwa 478, sauran suna biye da ita a jere, kuma tashar talabijin tana watsawa da ƙarfin dubban wat, yayin da na'urar aikawa ta makirufo galibi ba ta wuce miliwat 10 zuwa 50, wato kashi kaɗan cikin dubu na wat ɗaya. Siginar talabijin ta zamani, idan ta shiga na'urar karɓa, ba a jin magana ko kiɗa, shuu kawai take ƙarawa tana rage nisan da makirufon zai iya kaiwa, shi ya sa ake yawan ɗora laifinta a kan nisa. Haka kuma tsofaffin na'urorin da ke aiki a wajajen megahaz 700 da 800 sun shiga tsaka mai wuya, domin ƙasashe da yawa, har da Najeriya, sun ba kamfanonin wayar salula sassan wannan zango. Gwajin da ke fallasa duk wannan guda ɗaya ne: a kashe na'urar aikawa, a bar ta karɓa a kunne, a dubi ma'aunin RF. Idan babu kowa a tashar, ma'aunin zai sauka ƙasa gaba ɗaya, idan kuwa ya ci gaba da nuna sanda ɗaya ko biyu, to akwai wani a kai, sai a tashi. Na'urorin da ke iya laluben tashar da ba kowa da kansu, ta umarnin da galibi ake rubuta wa Scan, ana sa su yin laluben ne a wurin aikin, bayan an kunna duk sauran makirufon da za a yi amfani da su a taron, irin na mai gabatarwa da na makaɗa, domin tashar da ta kasance wayam a gida ba lalle ta kasance haka a zauren biki ba.

Idan na'urorin aikawa sun kai biyu ko fiye, wata matsalar takan taso wadda ba daga waje take zuwa ba. Sigina biyu masu ƙarfi da ke kusa da juna sukan cakuɗu a cikin na'ura su haifar da wasu siginonin na bogi, kuma ana iya lissafa inda mafi ƙarfinsu za su faɗa: a ninka lambar ɗaya sau biyu a cire ta ɗayar. Idan makirufo ɗaya yana kan 530.000 ɗayan kuma yana kan 530.400, na bogin za su bayyana a 529.600 da 530.800, don haka duk wanda ya sa makirufo na uku a 530.800 yana ganin ya bar tazara daidai wa daida, ya sa shi ne a kan ƙarar da biyun farko suka haifar. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke jera tashoshi rukuni-rukuni da tazarar da ba ta daidaita ba, kuma ƙa'idar ita ce duk makirufon da za su yi aiki tare a zaɓa musu tashoshi daga rukuni ɗaya.

Na'urorin gigahaz 2.4 ba su da tashar da mutum zai zaɓa, domin suna tsalle daga tasha zuwa tasha da kansu suna neman inda ya fi sarari. Sai dai zangon nasu shi ne na Wi-Fi da Bluetooth, kuma a taron da ɗaruruwan mutane ke riƙe da wayoyi, wasu sun kunna rabon data, sararin yakan ƙare. Abin da ya rage a hannun mai aiki shi ne ya sake haɗa na'urorin biyu su gane juna, ya nisanta na'urar karɓa daga akwatin Wi-Fi, ya kuma rage nisa. Akwai kuma wata ƙara ta daban, mai kama da dit-dit-dit da sauri, wadda wayar salula ke sawa a kebul ɗin sauti idan tana kan tsohon layin GSM, domin tana aika siginarta a gutsuttsure kusan sau 217 a daƙiƙa. Maganinta shi ne a raba wayar mai magana da aljihun da na'urar aikawa take.

Binciken batir

Alamar batir ita ce lokaci. Saitin da ya fara aiki lafiya, sannan bayan awa ɗaya ko biyu ya fara yankewa a daidai wurin da ɗazu yake kaiwa ba matsala, kuma yankewar tana ƙara yawa, batir ya kamata a fara zarga. Batirin alkalin mai girman AA yana farawa da bolt 1.5, yana sauka sannu a hankali har wajen bolt 1, don haka ma'aunin na'ura yana iya bin sawunsa. Batirin caji na NiMH kuwa yana tsayawa a wajen bolt 1.2 kusan duk tsawon aikinsa, sannan ya faɗi cikin ɗan lokaci, saboda haka ma'aunin da aka tsara don alkalin yakan nuna shi kamar ya yi rabi tun yana cike, ya kuma ci gaba da nuna hakan har dab da mutuwarsa. Wanda ke amfani da batirin caji ya fi dacewa ya dogara da agogo, ya san awa nawa batiransa ke yi a wannan na'urar, ya canja su kafin lokacin ya cika. Batir mai araha na zinki da gawayi, wanda ya isa tocila ko agogon bango, ba ya jure wutar da na'urar aikawa ke ja ba ƙaƙƙautawa, kuma yakan ruɗi mutum, domin idan aka kashe na'urar ya huta sai ƙarfinsa ya ɗan farfaɗo, ma'auni ya nuna cike, sannan ya sake zubewa bayan 'yan mintuna. Shi ya sa ake karanta ma'aunin batir bayan na'urar ta yi minti biyar ko goma a kunne.

Akwai kuma abin da ya shafi mazaunin batirin. Idan ƙarfen da ke taɓa kan batir ya yi tsatsa, ko ruwan tsohon batir ya zuba a kansa, ko sifirin ɗin ya saki, wuta takan yanke na ƙiftawar ido duk lokacin da mai magana ya motsa, sai a ji ƙas ɗaya mai ƙarfi, wani lokaci ma fuskar na'urar ta mutu ta sake kamawa. Ana gane wannan ta hanyar ɗan bubbuga na'urar da yatsa ana sauraro. Haɗa sabon batir da tsoho shi ma yana rage aikin duka biyun zuwa ƙarfin tsohon. A ƙananan na'urorin da batirin litiyom ɗinsu ke ciki ba ya fita, awa bakwai da kamfani irin Rode ya ambata wa Wireless GO II lissafin sabon batir ne, kuma zafi yana tsufar da irin wannan batir da wuri, don haka saitin da ake bari a cikin mota a rufe da rana zai riƙa gaza wa'adinsa. Kada kuma a manta cewa na'urar karɓa ma tana da nata batirin, kuma ita ce aka fi mantawa da ita saboda tana bayan kyamara.

Binciken nisa da shamaki

A fili, inda babu abin da ya gitta, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu ƙarfin siginar da ke isowa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, wanda a ma'aunin desibel ake cewa ya ragu da 6. Mai magana da ya tashi daga mita 5 zuwa mita 20 ya ninka nisan sau biyu har karo biyu, don haka abin da ke isa na'urar karɓa ya koma kashi ɗaya cikin 16. Nisan da ake rubutawa a kwali, kamar mita 200 na Wireless GO II, an auna shi ne a inda na'urorin biyu ke kallon juna babu shamaki, yanayin da ba kasafai ake samunsa a wurin aiki ba. Babban shamaki shi ne jikin mutum, domin ruwa ne mafi yawansa, kuma ruwa yana shanye igiyar rediyo, abin da ya fi tsanani a gigahaz 2.4 fiye da UHF. Na'urar aikawa da aka sa a bayan ƙugu, mai magana kuma yana fuskantar kyamara, dole siginarta ta ratsa ko ta kewaye jikinsa, idan kuma jama'a sun tsaya a tsakani, kowane mutum ƙarin shamaki ne. Eriyar da aka naɗe, ko aka cusa a aljihu tare da makullai, ko ta manne da fata mai gumi, ita ma tana zubar da wani kaso tun kafin siginar ta bar jikin mai magana.

A cikin gini kuma akwai abin da ake kira isowa ta hanyoyi da yawa. Sigina tana tafiya kai tsaye, wani sashenta kuma yana bugun rufin kwano ko ƙofar ƙarfe ko rodin cikin siminti ya dawo, idan biyun suka iso eriya a saɓe sai su kashe juna, a samu wani ɗan gurbi da babu sigina ko da nisan bai kai mita 10 ba. Tsawon igiyar megahaz 600 santimita 50 ne, na gigahaz 2.4 kuma santimita 12.5, don haka waɗannan guraben ƙanana ne, matsar da na'urar karɓa da taƙi ɗaya ko biyu yana iya fitar da ita daga ciki. Alamar wannan ita ce murya ta riƙa ɗaukewa a wuri ɗaya tak duk lokacin da mai magana ya bi ta nan. Na'urorin karɓa masu eriya biyu an yi su ne don wannan, suna zaɓar wadda ta fi samun sigina a kowane lokaci. Kusanci fiye da kima ma yana da illarsa a UHF, domin na'urar aikawa da ke ƙasa da mita biyu ko uku daga eriya tana iya cika na'urar karɓa har ta dame sauran tashoshin.

Da batun nisa ne saitin da ake kira Squelch yake da alaƙa, wanda ƙofa ce da ke rufe sauti idan sigina ta sauka ƙasa da wani mataki, don kada shuu mai ƙarfi ya fita ta lasifika. Idan an ɗaga matakin sosai, ƙofar tana rufewa tun siginar tana da sauran amfani, sai nisa ya ragu, idan kuma an sauke shi ƙasa sosai, ƙarar waje tana buɗe ta. Ɗaga shi ba ya korar wanda ya mamaye tasha, ɓoye shi kawai yake yi a lokacin da na'urar aikawa take kashe.

Misali daga zauren taro

A ɗauka ana ɗaukar lacca a zaure mai rufin kwano, tsawonsa mita 30, kyamara tana can baya kamar mita 25 daga mai jawabi, saitin kuma na UHF ne da ke kan 552.000. A gwajin safe, zaure babu kowa, murya ta fita lafiya, amma da jama'a suka cika sai shuu ya fara tasowa, murya tana ɗaukewa duk lokacin da mai jawabi ya juya wajen allo. Mai ɗauka ya dubi fuskar na'urar karɓa ya ga RF yana faɗuwa tare da kowace ɗaukewa, wanda ya wanke kebul da kan makirufo. Ma'aunin batir, bayan minti 40 na aiki da sabon alkalin, yana nan a cike, kuma matsalar tana bin juyawar mai jawabi ne ba wucewar lokaci ba, don haka batir ma ya fita daga zargi. A lokacin hutu ya kashe na'urar aikawa, sai ya ga RF bai sauka ƙasa ba, sanda ɗaya ta tsaya. Lambar 552.000 tana cikin tashar talabijin ta 31, wadda ta kama daga 550 zuwa 558, don haka ko talabijin ce a kai, ko kuma wani makirufon zauren ne ke kusa da ita, ko ma wanne ne tashar ba wayam take ba. Da safe siginar mai jawabi ta fi wannan ƙarar ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a ji komai ba, amma da jikin jama'a ya rage ta, juyawar mai jawabi ta ƙara rage ta, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙare.

Gyaran yana bin tsari, ana sauya abu ɗaya a saurara kafin a taɓa na gaba, domin wanda ya sauya tasha da batir da mazauni a lokaci guda ba zai san wanne ya yi maganin ba, kuma matsalar za ta sake samunsa a wani taron. Da farko a yi laluben tasha alhali makirufon zauren suna kunne, a koma wadda RF ya nuna babu kowa, a tura lambar zuwa na'urar aikawa. Sannan a mayar da na'urar aikawa gefen ƙugun da ke fuskantar na'urar karɓa, eriya a miƙe ba ta taɓa fata. Daga nan a ɗaga na'urar karɓa sama da kawunan jama'a, ko a matso da ita zuwa mita 12 a ja kebul ɗin sauti zuwa kyamara, wanda shi kaɗai yana ninka ƙarfin siginar kusan sau huɗu. A ƙarshe wani ya ɗauki na'urar aikawa ya zagaya duk inda mai jawabi zai taka yana magana yana juyawa, mai ɗauka yana sauraro yana kallon RF. Idan bayan duk wannan, a tasha wayam, da sabon batir, a nisan mita biyar babu shamaki, RF bai cika ba, to eriyar ta karye daga ciki ko sashen rediyon na'urar ya lalace, kuma wannan aikin mai gyara ne.